Darasi: Ƙurajen da Ke Fitowa a Jikin Reshe, da Lokacin da Magani Ke Kama Su

Mai lemo ko gwaba ko mangwaro a tsakar gida yakan wayi gari ya ga wasu ƙuraje masu launin ƙasa-ƙasa sun jeru a jikin reshe, ko a bayan ganye kusa da jijiyarsa. Girman kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, wasu ma ba su kai ba. Suna da tauri, ba sa motsi, ba a ganin ƙafa ko fiffike a jikinsu, shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar su wani ɓangare ne na ɓawon icen, ko ƙaro ne ya daskare. Alhali ƙwari ne masu rai, kuma ruwan jikin shukar suke tsotsa dare da rana. A wannan darasi za mu kira su ƙwari masu ɓawo. Abin da darasin yake son ya tabbatar guda ɗaya ne: ƙurjin da ido ke gani ya riga ya wuce matakin da feshi ke iya kashe shi cikin sauƙi, don haka kowane makami yana da nasa lokaci. Manya aikin hannu ne, waɗanda suka maƙale a lungu aikin sifirit ne, man darbejiya kuma na 'ya'yan ne a kwanakin da suka fito. Wanda ya juya wannan tsari zai ƙarar da kuɗinsa, ya ƙona ganyensa, ƙwarin kuma suna nan daram.

Yadda ake tabbatar da cewa ƙwaro ne

Kafin a taɓa magani, sai an tabbatar da abin da ake yaƙa, domin ba kowane tudu a jikin reshe ne ƙwaro ba. Itatuwa da yawa suna da 'yan ɗigo masu kaushi a ɓawonsu waɗanda ta nan suke shaƙar iska, kuma wurin da reshe ya taɓa jin rauni yakan warke da tabo mai tauri. Gwajin da ke raba gardama yana a farcen mutum. A sa farce a gefen ƙurjin a tura a hankali. In ƙwaro ne, zai ɓanɓaro gaba ɗaya ya bar ɓawon icen lafiya lau a ƙarƙashinsa, wani lokaci da ɗan farin zagaye a inda ya zauna. In kuwa jikin icen ne, ba zai ɗago ba sai an yage fatar, kuma za a ga ɗanyen kore a wurin. Bayan an ɓanɓaro shi, sai a murƙushe shi tsakanin yatsu ko a kan farar takarda. Mai rai yakan fitar da danshi rawaya ko ja-ja-ja, matacce kuwa ya bushe, yana marmashewa kamar dusa. Wannan gwaji na biyu za mu sake komawa gare shi, domin da shi ake sanin ko magani ya yi aiki.

Ƙwarin nan suna da ire-ire wajen dubu takwas a duniya, amma mai lambu rukuni biyu kawai yake bukatar ya rarrabe. Rukuni na farko su ne masu kumburi kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, waɗanda taurin bayansu fatar jikinsu ce, shi ya sa in an ɓanɓare su suke tasowa ɗungurungum. Waɗannan suna zubar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, irin darɓar da manomi ya sani a ganyen dawa. Darɓar nan ita ke jawo kiyashi da tururuwa, kuma a kanta wata baƙar funfuna ke tsirowa har ganye ya koma kamar an shafa masa kunkunniya. Rukuni na biyu sun fi ƙanƙanta da faɗi, kuma abin da ke bayansu murfi ne da suka gina da kakin jikinsu da tsohuwar fatarsu. In an ɗaga murfin za a tarar da ɗan jiki mai laushi, galibi rawaya, a manne da icen. Waɗannan ba sa zubar da darɓa. Saboda haka, idan ka ga ganye yana danƙo, ya yi baƙi, kiyashi na hawa da sauka, to rukuni na farko kake fama da shi. Idan kuwa reshe ya yi kaushi kamar an yayyafa masa toka, ganye na yin ɗigon rawaya, babu danƙo, to na biyu ne, kuma sun fi taurin kai ga feshi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ɓawon

Sirrin maganin duka yana cikin tarihin rayuwar ƙwaron. Ƙurjin da muke gani mace ce da ta girma. Tun tana ƙarama ta soka bakinta, wanda ya fi gashi siranta, cikin jikin shukar, da wuya kuma ta sake gusawa. Idan ta balaga sai ta tara ƙwai a ƙarƙashin jikinta, ɗaruruwa a yawancin masu kumburi, wasu ma su haura dubu. Jikinta yana ta shanyewa, bayanta yana ƙara tauri, har ta mutu ta bar ɓawon ya zama rumfa ga ƙwan. Shi ya sa wani lokaci in aka ɗaga babban ƙurji ake ganin wani gari-gari yana zubowa: ƙwai ne, ko ɓawon ƙwan da suka riga suka ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa daga ciki 'ya'ya ne masu ƙafafu, ba su kai milimita ɗaya ba, launinsu rawaya ko ruwan lemo. Su ne ke yawo. Sukan yi tafiya ta 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu, iska ta kwashi wasu zuwa wata shukar, sannan su sami wuri su kafa baki su fara rufe kansu da kaki.

To a nan gizo ke saƙa. Ɗan da ya fito jiya fatarsa siririya ce, ba murfi, ba kaki mai kauri, ɗigon mai ko ruwan sabulu ya ishe shi. Uwarsa kuwa tana cikin sulke, ƙwanta kuma suna ƙarƙashin rumfar da ruwan feshi ke gangarewa ta kanta. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, ƙwan ba sa ƙyanƙyashewa rana ɗaya. Uwa guda takan yi makonni tana sakin 'ya'ya kaɗan-kaɗan, kuma a ƙasa mai ɗumi irin tamu, inda babu sanyin da zai tsayar da su, ana samun ƙwai da 'ya'ya da manya a reshe ɗaya a lokaci ɗaya. Daga waɗannan hujjoji biyu ne duk sauran darasin ya fito: manya sai an cire su da hannu, feshi kuma sai an maimaita shi, domin feshin yau ba zai taɓa wanda zai fito jibi ba.

Kankarewa

Kankarewa ita ce aikin da ya fi kowanne riba, ko da yake ita aka fi rainawa. A ɗauka reshe yana da manyan ƙuraje 50, kowanne da ƙwai 300 a ƙarƙashinsa. Wanda ya zauna ya cire su cikin kwata na awa ya hana 'ya'ya 15,000 fitowa, abin da babu feshin da zai yi masa a rana ɗaya. Ana farawa da wuƙa ko almakashi: duk reshen da ƙurajen suka rufe har ba a ganin ɓawonsa, ko wanda ya fara bushewa, a yanke shi. Sauran kuma a bi su da farce, ko tsohon buroshin haƙori, ko asuwaki mai laushin baki, ana tsomawa cikin ruwan sabulu. A riƙa gogawa a hankali, a tallafe ganye da tafin hannu ta ɗaya gefen don kada ya yage. Kada a yi amfani da reza ko bakin wuƙa a kan ɗanyen reshe, domin raunin da za su bari ƙofa ce ga cuta. A shimfiɗa leda ko tsohuwar jarida a gindin shukar, abin da ya zubo a tattara shi tare da rassan da aka yanke, a ƙone ko a ƙulle a leda a kai nesa. Uwar da ta faɗi ƙasa ba za ta iya hawowa ba, amma ƙwan da ke tare da ita za su ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su hau. Barin su a gindin ice kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Sifirit da iyakarsa

Sifirit da ake nufi a nan shi ne wanda ake goge fata da shi kafin allura, ana samunsa a kemis. Aikinsa shi ne narkar da kakin da ke kare ƙwaron da busar da jikinsa, yana kuma sassauta manninsa ya fita da sauƙi. Wanda ya dace shi ne mai ƙarfin 70%. In an sami mai 95% a jikin kwalba, sai a zuba kashi uku nasa da kashi ɗaya na ruwa, ya sauko kusa da saba'in. Mai ƙarfi sosai yana saurin tashi kafin ya ratsa, kuma ya fi ƙona ganye. Ana naɗa auduga a tsinke, a tsoma, a dangwala a kan kowane ƙwaro, a ɗan jira, sannan a goge shi. Wurin da ya fi amfani shi ne inda buroshi ba ya shiga: hammatar ganye, mararrabar rassa, da gefen babbar jijiya a bayan ganye.

Sifirit yana da iyaka guda biyu da ya wajaba a sani. Ta farko, abin da ya taɓa kawai yake kashewa, kuma cikin 'yan mintoci ya bushe bai bar komai ba, don haka ɗan ƙwaron da ya biyo ta wurin bayan awa ɗaya lafiya zai wuce. Ta biyu, abin da yake yi wa kakin ƙwaro shi yake yi wa kakin ganye. Sabon toho, da ganye mai laushi ko mai gashi-gashi, suna iya ƙonewa. Saboda haka a fara gwadawa a ganye biyu ko uku, a jira kwana biyu, in ba a ga tabo ko yaushi ba sannan a ci gaba, kuma a yi aikin a inuwa. Kada a maye gurbinsa da kananzir ko fetur, waɗannan suna kashe ganye da ɗanyen reshe. A tuna kuma sifirit yana kama wuta, guba ne in an sha, a nisanta shi da murhu da hannun yara.

Man darbejiya: awo da lokaci

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi, wasu maina, asalinta daga yankin Indiya ne, amma yau babu garin da ba ta yin inuwa a ƙasar Hausa. Man da ake matsewa daga ƙwayar 'ya'yanta yana aiki ta hanya biyu. Na farko, shi mai ne, idan ya lulluɓe ƙaramin ƙwaro sai ya toshe ƙofofin da yake numfashi ta cikinsu a gefen jikinsa. Na biyu, yana ɗauke da wani sinadari mai ɗaci da ke hana ƙwaro cin abinci, ya kuma dagula masa saɓar fata. Ƙwaro ba ya girma sai ya saɓe, don haka wannan sinadari ƙanana yake kamawa. Uwar da ta gama girma ba ta da sauran saɓa a gabanta. Man da aka matse ba tare da an dafa shi da wuta mai yawa ba ya fi riƙe wannan sinadari.

Awon da aka saba shi ne mililita 5 zuwa 10 na mai a lita ɗaya ta ruwa, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya zuwa biyu. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, sai an sa sabulu a tsakaninsu: kimanin rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa marar ƙarfi a kowace lita. A fara dama man da sabulun a ɗan ruwan ɗumi har ya yi fari kamar madara, sannan a cika da sauran ruwan. Idan aka ga mai yana yawo a sama, haɗin bai yi ba, kuma in aka fesa haka wasu ganyen za su sami ruwa zalla, wasu su sami mai zalla su ƙone. A riƙa girgiza gorar feshin ana cikin aiki. A cikin hunturu man yakan daskare a kwalba, sai a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi ya narke. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, domin sinadarin yana lalacewa cikin ruwa. Sabulun gari na wanki ba ya cikin wannan haɗi, yana da kaifin da ke cin ganye.

Lokaci kuwa iri uku ne. Na farko shi ne lokacin ƙwaron, wato kwanakin da 'ya'ya ke fitowa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a naɗa salatif a reshe kusa da inda ƙurajen suke, gefen danƙon yana kallon waje, a riƙa dubawa duk bayan kwana uku ko huɗu. In an ga ɗigo rawaya kamar garin masara sun maƙale, to sun fito, ranar feshi ta yi. Ana kuma iya kaɗa reshe a kan farar takarda a duba ko ɗigon da suka zubo suna motsi. Na biyu shi ne lokacin yini. Mai a kan ganye cikin rana mai zafi ƙuna yake jawowa, shi ya sa ƙa'idar ita ce kada a fesa idan zafi ya kai wajen digiri 32. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai 40 ko ya wuce, don haka a bazara sai bayan rana ta faɗi iska ta huce, a kuma tsaya a ƙaramin awo. Feshin yamma yana da ƙarin amfani biyu: hasken rana ne ke saurin kashe sinadarin darbejiya, kuma ƙudan zuma sun koma gida. Na uku shi ne lokacin shukar kanta. Shukar da ke jin ƙishi, ganyenta ya yi yaushi, ba a fesa mata mai, sai an shayar da ita sosai kwana ɗaya kafin nan. Ba a fesa wa fure. Ba a fesawa in hadari ya haɗo, ruwa zai wanke. Wanda kuma ya sa wa shukar maganin farar wuta, ya jira wata guda kafin ya kawo mai kusa da ita, domin haɗuwarsu tana ƙona ganye.

Misali a aikace

Mu ɗauki lemon tsami ɗan shekara biyu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, a tsakar gida kusa da katanga, cikin watan Afrilu. Ganyen ƙasa sun yi baƙi suna danƙo, kiyashi na bin gangar jikin, ƙuraje masu kumburi sun cika rassa uku. Ranar farko da yamma sai a yanke reshe ɗaya da ya fi lalacewa, da duk wanda ke taɓa katanga, a kankare sauran, a wanke ganyen da ruwa don darɓa da ƙura su fita. A dangwala sifirit a ganye uku, a fesa haɗin darbejiya a wani ƙaramin reshe guda, duka don gwaji. A naɗa salatif a rassa biyu, a shayar da icen. Rana ta uku a duba wuraren gwaji. In lafiya, a bi lunguna da auduga da sifirit. In salatif ya kama ɗigo, a haɗa lita biyu: tun da bazara ce, mililita 10 na mai, wato ƙaramin cokali biyu, da cokali ɗaya na sabulu. Bayan magariba a fesa daga ƙasa zuwa sama, bakin gorar yana kallon bayan ganye, a jiƙa rassa da mararrabarsu har ruwan ya fara ɗiga. In icen a tukunya yake, a ja shi inuwa washegari.

Sai a maimaita a rana ta 10, da ta 17, da ta 24, kowane karo da sabon haɗi da sabon salatif. Kafin kowane feshi a sake bin rassan da farce, domin waɗanda suka tsira a makon farko yanzu sun girma sun fito fili. Alamar nasara tana bayyana a wurare huɗu: ɗigon da ke kan salatif suna raguwa mako bayan mako, ƙurajen da aka murƙushe sun bushe, kiyashi sun daina hawa, sabon toho kuma ya fito ba danƙo. In salatif ya yi mako biyu a jere bai kama komai ba, a dakatar da feshi, amma a ci gaba da dubawa har wata biyu, domin kusan tsawon da ƙwaron ke ɗauka ke nan daga ƙyanƙyasa zuwa haihuwa a lokacin zafi. In kuwa ganye ya yi tabo kamar an ɗiga masa ruwan zafi, ko ya fara zuba bayan feshi, to ɗayan uku ne: mai ya yi yawa, haɗin bai damu ba, ko zafi bai sauka ba. A wanke icen da ruwa, a ba shi hutu, a koma ƙaramin awo.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce: na fesa sau biyu, ga ƙurajen nan ba inda suka je, ashe maganin banza ne. Amsar ita ce mataccen ƙwaro mai ɓawo ba ya faɗuwa, yakan zauna manne da reshe watanni. Ido ba ya raba mai rai da matacce, farce ne ke rabawa. A murƙushe guda goma daga rassa daban-daban a ƙirga masu danshi, wannan lissafi shi ne hukunci. Haka baƙar funfunar nan, ba ta shiga cikin ganye ba, a kan darɓa take zaune, kuma in darɓa ta yanke za ta bushe ta ɓarɓashe da kanta. Wani kuma zai ce: in cokali biyu na kashe ƙanana, bari in sa shida ya kashe manya. Wannan ba ya faruwa, domin abin da ke kare ƙwan rumfa ce da ruwan ba ya shiga ƙarƙashinta, ƙarin mai kuwa ganye yake toshe wa numfashi. Akwai kuma mai cewa ga darbejiya a ƙofar gida, zai dafa ganyenta ya fesa. Ruwan ganye ba shi da man da ke shaƙe ƙwaro, kuma sinadarin ya fi taruwa a ƙwayar 'ya'yan, don haka ba za a sa ran aikinsu ya zo ɗaya ba.

Jan da ya fi ƙarfi shi ne na mai cewa: me ya sa zan yi wata guda ina wahala, alhali akwai maganin ƙwari mai ƙarfi a kasuwa? Gaskiya ne cewa a babbar gonar lemo ba mai bin kowane reshe da buroshi, kuma a can akwai wurin magungunan kanti idan malamin gona ya zaɓa ya kuma auna. Amma maganin da ke kashe duk abin da ya taɓa yana da illa ta musamman a wannan yaƙi. Ƙwari masu ɓawo suna da maƙiya na halitta: wasu ƙananan ƙwari masu zagayen baya da ke cinye su, da wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikinsu. Wanda ya ga ƙurji da ƙaramar huda zagayayya a bayansa, to ɗan zanzaron ne ya cinye cikin ya fita. Waɗannan mataimaka suna yawo a fili, su magani ke fara samu, mai ɓawo kuwa yana cikin sulkensa. An ga wannan a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani farin ƙwaro ɗan wannan dangi ya kusa durƙusar da gonakin lemo, sai aka kawo ƙwaron da ke cin sa daga Ostareliya a 1888, cikin ɗan lokaci ya kwantar da annobar. Da aka shiga fesa sabbin magunguna masu ƙarfi a shekarun 1940, mataimakin ya mutu, annobar ta sake tasowa. Man darbejiya ma yana iya kashe mataimakin da ya jiƙa, amma da ya bushe haɗarinsa ya ragu ƙwarai, ba ya zama a ganye makonni yana kisa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke sa ƙwarin dawowa ko bayan an yi komai daidai. Kiyashi da tururuwa suna shan darɓa, kuma suna korar duk maƙiyin da ya zo kusa da mai ba su ita. Muddin suna hawa, mataimakan ba za su yi aiki ba. A naɗa ƙyalle ko leda a gangar icen, a shafa abu mai danƙo a kan naɗin, ba a kan ɓawon kai tsaye ba, a kuma tabbata babu reshen da ke taɓa bango ko ƙasa. Ƙurar hunturu ita ma tana hana 'yan zanzaron aiki, don haka wanke ganye da ruwa lokaci-lokaci magani ne. Takin yuriya da ya yi yawa yana fito da toho mai taushi da ƙwarin suka fi so. Sabon dashe da aka sayo kuma a duba bayan ganyensa, a ajiye shi gefe makonni uku ko huɗu kafin a haɗa shi da sauran. Man darbejiya kansa a adana shi inda yara ba sa kaiwa, domin shan sa yana da haɗari ga ƙananan yara, 'ya'yan itacen da aka fesa kuma a wanke su kafin a ci.

Tambayoyi da aikin yi

1. Wane gwaji ne ke raba ƙwaro mai ɓawo da tabon jikin ice, kuma ta yaya ake gane mai rai da matacce?
2. Me ya sa feshi sau ɗaya ba ya isa?
3. Mililita nawa na man darbejiya za a sa a lita biyar ta ruwa a watan Afrilu, kuma a wane lokaci na yini za a fesa?
4. Ka nemi shuka mai irin waɗannan ƙuraje a gida ko a unguwa, ka naɗa mata salatif, ka rubuta abin da ka gani bayan kwana huɗu, ka kawo aji.

Ya kai mai karatu, in ka ga ƙuraje a reshen shukarka, fara da farcenka kafin ka taɓa aljihunka. Cire manyan yau, naɗa salatif, shayar da icen, sannan ka jira 'ya'yan su fito ka tare su da mai bayan rana ta faɗi, mako bayan mako har sai salatif ya fita fes. Cokali ɗaya na man darbejiya a ranar da ta dace ya fi kwalba guda a ranar da ba ta dace ba.